Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Za Ka Tabbatar da Amsarka a Lissafin "Hanyoyi Nawa Ne?"

A yawancin lissafi, idan ka samo amsa kana iya mayar da ita cikin tambayar ka ga ko ta zauna. Lissafin ƙirga hanyoyi ba shi da wannan sauƙin. Ko 120 ka rubuta ko 720, duka lambobi ne masu kyan gani, babu wadda za ta nuna maka a fuskarta cewa ita ce kuskure. Abin da ke raba su tambayoyi biyu ne: shin ana kula da jeri, kuma shin an yarda a maimaita? Ga tambayoyin da ɗalibai suka fi yawan yi a kan wannan.

1. Me ake nufi da "jeri" da "maimaitawa" a nan?

Jeri shi ne wane ya zo gaba, wane ya biyo baya, ko wane ya zauna a wane gurbi. Idan lambar sirrin waya 358 ce, wanda ya danna 853 ba zai buɗe ta ba, ko da yake lambobi ukun nan dai ya danna. A nan ana kula da jeri. Amma idan aka ce a fitar da mutum uku daga aji su share allo, ko da wa aka fara kira, mutanen ukun nan ne suka fito. A nan jeri bai canza komai ba.

Maimaitawa kuwa ita ce ko abu ɗaya zai iya fitowa fiye da sau ɗaya a zaɓi guda. Lambar sirri tana iya zama 335 ko 777. Mutum ɗaya kuma ba zai zama biyu daga cikin masu share allo uku ba. A duk bayanin da ke tafe, n shi ne yawan abubuwan da ake zaɓa daga cikinsu, r kuma yawan zaɓin da ake yi.

2. Yaya zan gane ko ana kula da jeri a tambayar da ke gabana?

Kada ka fara da fomula. Rubuta amsa guda ɗaya tak, cikakkiya, irin wadda tambayar ke nema, sannan ka sauya wa abubuwa biyu gurbi. Sai ka tambayi kanka: wanda ya kawo tambayar zai ce wannan sabon sakamako ne, ko kuwa na ɗazu ne? Idan sabo ne, ana kula da jeri. Idan na ɗazu ne, ba a kula.

A ce 'yan tsere takwas ne, ana son sanin hanyoyin da za a samu na ɗaya, na biyu da na uku. Ka rubuta A, B, C. Ka juya ya zama B, A, C. Yanzu B ne ya yi na ɗaya, sakamako ya canza, don haka amsar 8 × 7 × 6 = 336 ce. Da a ce tambayar ita ce "su wane uku ne za su wuce zagaye na gaba", da A, B, C da B, A, C abu ɗaya ne, amsar kuma 56.

A lura, jeri ba lallai ne ya zama na lokaci ko na layi ba. Duk inda gurabe suke da suna daban-daban, kamar shugaba, sakatare da ma'aji, jeri ya shigo ke nan, ko da a lokaci guda aka naɗa su.

3. To maimaitawa fa, yaya ake gane ta?

Bayan ka yi zaɓin farko, duba abin da ya rage maka. Idan har yanzu n ɗin nan ne cif, an yarda a maimaita. Idan ya ragu da ɗaya, ba a yarda ba. Ƙwallon da aka ciro daga jaka aka ajiye gefe ya rage yawan na ciki. Wanda aka duba launinsa aka mayar bai rage komai ba.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne bambanci tsakanin abu da irin abu. Idan akwati na cike da alƙaluma ja, baƙi da shuɗi, kowane launi da yawa, aka ce ka ɗauki biyar, alƙalami ɗaya ba zai ɗauku sau biyu ba, amma launi yana maimaituwa. Tun da launi ake ƙirgawa, wannan zaɓi ne mai maimaitawa, kuma n ɗinsa 3 ne, ba yawan alƙaluman akwatin ba.

4. Wace fomula ce ta dace da kowane hali?

Tambayoyi biyu, kowace da amsar e ko a'a, sun ba da hali huɗu. Za mu gwada su duka da misali ɗaya: zaɓar lambobi uku daga 0 zuwa 9, wato n = 10, r = 3.

Idan ana kula da jeri kuma an yarda a maimaita, kowane gurbi yana da zaɓi goma: n^r, wato 10 × 10 × 10 = 1000. Wannan ma kana iya tabbatar da shi ba tare da fomula ba, domin daga 000 zuwa 999 lambobi dubu ne. Idan ana kula da jeri amma ba maimaitawa, zaɓin yana raguwa: n!/(n − r)!, wato 10 × 9 × 8 = 720. Shi ne ake kira famuteshan, ana rubuta shi P(n, r). Alamar ! kuwa faktoriyal ce, wato ninka lamba da duk na ƙasa da ita har zuwa 1: 3! = 3 × 2 × 1 = 6.

Idan ba a kula da jeri kuma ba maimaitawa, sai a raba 720 ɗin nan da 3! = 6, a samu 120. Shi ne kombineshan, C(n, r) = n!/(r!(n − r)!). Na huɗu, ba a kula da jeri amma an yarda a maimaita: C(n + r − 1, r), wato C(12, 3) = 220. Riƙe waɗannan lambobi huɗu, 1000, 720, 120 da 220, za mu dawo musu a tambaya ta 8.

5. Ba zan iya dogara da kalmomin tambaya ba? An ce "jera" na nufin famuteshan, "zaɓi" kuma kombineshan.

Wani lokaci yana aiki, amma sanda ce mai karyewa a hannu. "Zaɓi shugaba da mataimaki daga mutum goma" akwai kalmar zaɓi a ciki, amma amsar 10 × 9 = 90 ce, ba 45 ba. Haka kuma "jera littattafai uku daga cikin goma bisa tsarin haruffan sunayensu" akwai kalmar jera, amma da zarar ka zaɓi ukun, hanya ɗaya ce kawai ta jera su, don haka amsar 120 ce, ba 720 ba. Gwajin sauya gurbi na tambaya ta 2 bai wuce daƙiƙa goma ba, kuma ya fi kowace kalma aminci.

6. Na samo amsa. Wace hanya ce mafi inganci ta tabbatar da ita?

Rage tambayar har ta zama ƙarama yadda za ka iya rubuta dukkan sakamakonta da hannu, ka bar sharuɗɗanta yadda suke. Ka ƙirga abin da ka rubuta, sannan ka saka ƙananan lambobin a fomular da ka yi amfani da ita. Idan sun saɓa, fomular ce ba ta dace ba, ba lissafin ba.

Ga misali. An ce a ɗauki alƙaluma uku daga launuka huɗu, A, B, C, D, kuma ɗalibi ya amsa da C(4, 3) = 4. Mu rubuta. Tun da ba a kula da jeri, za mu rubuta kowane zaɓi bisa tsarin haruffa kawai, kada mu koma baya, domin kada abu ɗaya ya fito sau biyu. Masu farawa da A: AAA, AAB, AAC, AAD, ABB, ABC, ABD, ACC, ACD, ADD, guda goma. Masu farawa da B: BBB, BBC, BBD, BCC, BCD, BDD, guda shida. Da C: CCC, CCD, CDD, guda uku. Da D: DDD kaɗai. Jimla 20, kuma C(6, 3) = 20. Ɗalibin ya manta da maimaitawa. Huɗun da ya samu su ne ABC, ABD, ACD da BCD.

Amfanin rubutawa bai tsaya ga jimlar ba. Lokacin da hannunka ya zo rubuta AAB, dole ka yanke shawara ko ya halatta. Lokacin da ka zo kan BA bayan ka riga ka rubuta AB, dole ka yanke ko sabo ne. Tambayoyin nan biyu da ake tsallakewa idan an ruga wa fomula, rubutu ba ya bari a tsallake su.

7. Kowace ƙaramar lamba za ta yi wajen wannan gwajin?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu. Akwai lambobin da fomular daidai da ta kuskure suke haɗuwa a kansu, sai ka ɗauka ka tabbatar alhali ba ka gwada komai ba. Idan r = 1, dukkan hali huɗun suna ba da n. Idan n = 3 da r = 2, P(3, 2) = 6 kuma C(4, 2) = 6, wato hali biyu masu kishiyantar juna ta kowace fuska sun ba da amsa ɗaya. Idan n = 4 da r = 2, 4^2 da 2^4 duka 16 ne, saboda haka ba za ka gane ko ka juya n da r ba.

Shi kansa r = 2 yana da wani ɓoyayyen aibi: 2! da 2 abu ɗaya ne. Wanda ya saba rabawa da r maimakon r! zai ci gwajin, sannan ya faɗi a ainihin tambayar. Mafi kyau a ɗauki r = 3 tare da n = 4 ko 5. Da n = 4, amsoshin su ne 64, 24, 4 da 20. Da n = 5 kuwa 125, 60, 10 da 35. Babu biyu da suka yi karo. Ba sai ka rubuta duka 64 ba. Rubuta masu farawa da A, ka ga guda 16 ne, ka ninka da huɗu.

8. Tun da 720 ÷ 6 ya ba da 120, me ya sa 1000 ÷ 6 ba ya ba da amsar hali na huɗu?

Alamar farko ita ce 1000 ba ya rabuwa da 6 ba tare da saura ba, kuma babu ƙirgen hanyoyi da zai fito da gutsure. Dalilin kuwa shi ne, rabawa da 3! tana aiki ne kawai idan kowane zaɓi ya fito sau shida daidai a cikin jerin. Ga lambobi uku mabambanta haka ne: 358 yana fitowa a matsayin 358, 385, 538, 583, 835 da 853. Amma 335 sau uku kawai yake fitowa: 335, 353, 533. Shi kuwa 777 sau ɗaya.

Don haka sai a kasa su gida uku. Zaɓin da lambobinsa uku duk daban ne guda 120 ne. Wanda lamba ɗaya ta fito sau biyu tare da wata daban: hanya 10 ta zaɓar mai maimaituwa, hanya 9 ta zaɓar ɗayar, guda 90. Wanda duka ukun iri ɗaya ne guda 10. Tara su: 120 + 90 + 10 = 220, daidai da C(12, 3).

Yanzu juya lissafin ka koma ga dubu. Kowane ɗaya daga cikin 120 yana da jeri shida, 720 ke nan. Kowane ɗaya daga cikin 90 yana da uku, 270. Goman ƙarshe ɗaya-ɗaya, 10. Jimla 720 + 270 + 10 = 1000. A ganinmu wannan shi ne gwaji mafi gamsarwa a wannan babi duka, domin lambobi huɗun suna tabbatar da juna. Idan ɗaya ta karkace, jimlar ba za ta rufe ba.

9. Daga ina n + r − 1 ya fito, kuma yaya zan san wane ne n, wane ne r?

A ce za a raba fensir bakwai iri ɗaya ga yara uku, kuma yaro na iya tashi hannu wofi. Jera fensiran a layi, ka sa sanduna biyu a tsakaninsu don raba su kashi uku. Abin da ke gaban sanda ta farko na yaro na farko ne, na tsakiya na na biyu, saura na na uku. Yanzu kana da abubuwa tara a layi, fensir bakwai da sanda biyu, kuma aikin duka shi ne zaɓar gurabe biyu na sandunan: C(9, 2) = 36. Kashi n yana buƙatar sanda n − 1, shi ya sa gurabe suka zama r + n − 1.

A nan yaran su ne n, fensiran su ne r, abin da ke zuwa wa mutane a juye. Ka'idar ita ce: abin da ke iya maimaituwa shi ne n. Kowane fensir yana "zaɓar" yaro, kuma yaro ɗaya na iya zaɓuwa sau da yawa. Idan kana shakka, gwada fensir uku da yara biyu: 3 da 0, 2 da 1, 1 da 2, 0 da 3. Hanya huɗu, kuma C(4, 3) = 4. Da ka juya su da ka samu 6.

Kalma ɗaya tana iya sauya komai. Idan kowane yaro dole ya samu aƙalla ɗaya, ka fara ba kowa ɗaya, ka raba huɗun da suka rage: C(6, 2) = 15. Idan kuma littattafai bakwai ne mabambanta maimakon fensir iri ɗaya, wane littafi ya je wa wane ya zama abin lura, amsar ta koma 3^7 = 2187.

10. A ɗakin jarrabawa babu lokacin rubuta jeri. Akwai gwaji mai sauri?

Akwai, ko da yake kama kuskure yake yi, ba ya tabbatar da daidai. Amsa dole ta zama cikakkiyar lamba. Kuma ba za ta wuce yawan hanyoyin da ake da su kafin a sa sharaɗi ba: idan dukkan kwamitocin da za a iya kafawa 120 ne, kwamitocin da suka cika wani sharaɗi ba za su kai 144 ba (duba tambaya ta 12). A cikin hali huɗun, C(n, r) ne mafi ƙanƙanta, n^r ne mafi girma. Biyun tsakiya ba su da tsayayyen matsayi: da n = 10 da r = 3, 720 ya fi 220, amma da n = 3 da r = 3, famuteshan 6 ne, ɗayan kuma 10.

Wani gwajin shi ne kai r ƙarshen iyaka. Idan r ya fi n yawa kuma ba maimaitawa, amsar sifili ce, domin ba a fitar da mutum biyar daga cikin uku. Idan tambayarka tana da r da ya fi n kuma a fili tana da amsa, to maimaitawa na ciki, ko ba a faɗa ba.

11. Idan wani ɓangaren tambayar yana kula da jeri, wani kuma ba ya kula fa?

Sai a raba ta mataki-mataki, a yi wa kowane mataki tambayoyin biyu daban. A ce za a kafa kwamitin mutum huɗu daga mutum goma, ɗayansu shugaba. Zaɓar huɗun ba jeri: C(10, 4) = 210. Fitar da shugaba daga cikinsu hanya 4 ce. Amsa 840. Wanda ya ɗauki P(10, 4) = 5040 ya ba sauran mambobi ukun muƙaman da ba su da su, shi ya sa amsarsa ta ninka ta gaskiya sau 3! = 6.

Irin wannan tambaya tana da sauƙin tabbatarwa ta hanyar ƙirgawa ta wata fuska. Fara da shugaba, hanya 10, sannan mambobi uku daga taran da suka rage, C(9, 3) = 84. Ninka su, 840 ya sake fitowa. Sharaɗin dai shi ne hanya ta biyu ta bambanta da ta farko a tunani. Sake danna lambobin ɗazu a kalkuleta ba tabbatarwa ba ce.

Haka ake yi da gurbin da ke da ƙa'ida ta musamman. Lambobi masu gurbi uku da ba su maimaita ba, kuma ba su fara da sifili ba: 9 × 9 × 8 = 648. Ta ɗaya fuskar, duka 720 ne, masu farawa da sifili 9 × 8 = 72, a ɗebe, saura 648.

12. Me ya sa tambayoyin "aƙalla ɗaya" suke yawan ba ni amsar da ta yi yawa?

Saboda hanyar da ta fi saurin zuwa wa mutum a rai tana shigo da jeri a ɓoye. Maza shida da mata huɗu, ana son kwamitin mutum uku mai aƙalla mace ɗaya. Sai ɗalibi ya ce: in fara ɗaukar mace ɗaya, hanya 4, sannan in cike biyu daga taran da suka rage, C(9, 2) = 36, jimla 144. Amma dukkan kwamitocin da za a iya kafawa ba tare da wani sharaɗi ba C(10, 3) = 120 ne. Ɓangare ya fi duka yawa, ka san akwai matsala.

Matsalar ita ce an ƙirƙiro gurbin "mace ta farko" wanda tambayar ba ta san da shi ba. Kwamitin da ke da mata biyu ya ƙirgu sau biyu, sau ɗaya da wannan a gaba, sau ɗaya da waccan. Mai mata uku ya ƙirgu sau uku. Hanyar daidai ita ce a cire kwamitocin da babu mace: 120 − C(6, 3) = 120 − 20 = 100.

Tabbatarwa ta kashi-kashi: mace ɗaya da maza biyu, 4 × 15 = 60; mata biyu da namiji ɗaya, 6 × 6 = 36; mata uku, 4. Jimla 100. Har kuskuren ma ana iya bin sawunsa: 60 + (36 × 2) + (4 × 3) = 144. Abin tsoro a nan shi ne ba kullum amsar kuskuren ke wuce iyaka ta tona kanta ba. Da maza sun fi haka yawa sosai, da ta ɓuya a ƙarƙashin jimlar, sai dai ƙaramin gwaji irin na tambaya ta 6 ya kama ta.

13. Akwai tambayoyin da ba su faɗa cikin hali huɗun ba?

Akwai, kuma gwajin sauya gurbi ne dai ke warware su. Na farko shi ne maimaitawa mai iyaka. Haruffan kalmar BABA huɗu ne, amma jerinsu ba 24 ba ne, domin sauya B da B ba ya haifar da sabon abu; ba kuma 2^4 = 16 ba ne, domin ba ka da B uku. Amsar 4!/(2! × 2!) = 6: AABB, ABAB, ABBA, BAAB, BABA, BBAA. Da wannan tsarin, KATAKO yana da 720 ÷ 4 = 180.

Na biyu shi ne rukunoni marasa suna. Raba mutum huɗu gida biyu, bibbiyu: C(4, 2) ya ce 6, amma rubutawa ta ce 3, wato AB da CD, AC da BD, AD da BC. Zaɓar AB a bar CD, da zaɓar CD a bar AB, rabo ɗaya ne. A nan jerin da ya ɓuya na rukunonin ne, ba na mutanen ba. Da rukunonin suna da suna, kamar masu aikin safe da masu aikin yamma, da 6 ɗin ya zama daidai. Haka zama a kewayen tebur: idan kowa ya matsa kujera ɗaya kuma ana ganin zaman bai canza ba, mutum huɗu suna da 3! = 6, ba 24 ba.

14. A lissafin yiwuwa, dayis biyu sakamako 36 ne ko 21?

Duka biyun ƙirge ne na gaskiya, amma na abubuwa daban. Kowane dayis, wato ɗan ƙwayar wasa da ake jefawa, yana da fuska shida, daga 1 zuwa 6. Idan ana kula da wane dayis ya ba da me, 6^2 = 36. Idan fuskoki biyun da suka fito kawai ake kallo, C(7, 2) = 21. Ga lissafin yiwuwa 36 ake ɗauka, domin su ne suke da damar fitowa daidai wa daida. A cikin 21 ɗin, 2 da 5 yana fitowa ta hanya biyu, 4 da 4 ta hanya ɗaya, kamar yadda 358 da 777 suka bambanta a tambaya ta 8. Yiwuwar jimlar 7 ita ce 6/36, wato 1/6. Mai amfani da 21 zai samu 3/21, kuma ba daidai ba ne. Kamannin dayis ɗin bai shafi wannan ba. Ko launinsu ɗaya ne, biyu ne dai.

Tsohuwar matsala ce. Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya yi rubutu a kanta a ƙarni na 17, game da dayis uku: me ya sa jimlar 10 ta fi jimlar 9 yawan fitowa, alhali kowace tana haɗuwa ta hanya shida? Idan muka rubuta fuskokin dayis ukun a haɗe, ga 9 akwai 126, 135, 144, 225, 234 da 333, masu jeri 6, 6, 3, 3, 6 da 1, jimla 25. Ga 10 akwai 136, 145, 226, 235, 244 da 334, masu jeri 6, 6, 3, 6, 3 da 3, jimla 27. Wato 27 cikin 216 a kan 25 cikin 216, kuma 333 ne ya jawo wa 9 giɓin.

15. Kalkuleta ko kwamfuta za su iya tabbatar mini?

Maɓallan nPr da nCr na kalkuletar kimiyya suna yin hali biyu marasa maimaitawa. Sauran biyun da kanka za ka shirya su: maɓallin x^y ga n^r, da kuma nCr bayan ka lissafa n + r − 1. A Excel akwai PERMUT, COMBIN, PERMUTATIONA da COMBINA. Amma duk waɗannan fomular da ka zaɓa suke lissafawa, ba sa gaya maka ko ita ce ta dace.

Abin da ya fi amfani shi ne a sa kwamfuta ta jero sakamakon ta ƙirga. A harshen kwamfuta na Python:

```python
from itertools import *
a = range(10)
print(len(list(product(a, repeat=3))))
print(len(list(permutations(a, 3))))
print(len(list(combinations(a, 3))))
print(len(list(combinations_with_replacement(a, 3))))
```

Zai buga 1000, 720, 120 da 220. A kula, permutations yana bambanta abubuwa ta gurbinsu, ba ta kamanninsu ba, don haka idan ka ba shi "BABA" zai fitar da 24. Sai ka zuba sakamakon cikin set, wanda ke cire duk abin da ya maimaitu, kafin 6 ya fito.

16. Amsata ta saɓa da ta littafi. Yaya zan gano inda na kauce?

Raba babbar da ƙaramar ka ga abin da ya fito. Idan 2, 6, 24 ko 120 ne, faktoriyal ne, kuma saɓanin na jeri ne: ɗayanku ya jera abubuwa biyu, uku, huɗu ko biyar da ɗayan bai jera ba. Lambar ma tana nuna maka inda za ka duba. A misalin tambaya ta 11, 5040 ÷ 840 = 6 ya nuna mutum uku ne aka jera ba dalili, ba huɗu ba. Idan abin da ya fito shi ne yawan mutanen da ke zaune a tebur, ka koma tambaya ta 13.

Idan rabon bai fito cif ba, kamar 1000 da 720, ko 220 da 120, sai ka gwada ɗebewa. Bambancin 280 shi ne 270 + 10, bambancin 100 kuma 90 + 10, wato daidai yawan zaɓin da ke ɗauke da maimaitawa. Idan shi ma bai zo daidai ba, ka nemi kalmar "aƙalla" a tambayar, ka duba ko ka ware wa wani gurbin farko.

Wani lokaci kuma tambayar ce ba ta fayyace ba. "Lambobi nawa masu gurbi uku za a iya haɗawa daga 1, 2, 3, 4, 5" tana iya zama 125 ko 60, gwargwadon ko an yarda a maimaita. Idan ka haɗu da irinta, rubuta abin da ka ɗauka a layin farko na amsarka, misali "na ɗauka ba a maimaita lamba", sannan ka ci gaba da 5 × 4 × 3.